Kafin Ka Karɓi Ƙarin Darasi, Malam

A makarantun garuruwan kan iyaka irin su Jibiya, malamai sun yi ƙaranci, kuma ba kowa ke son a turo shi ba. Saboda haka idan malamin Fiziks ya tafi, shugaban makaranta yakan waiwayo kan malamin Lissafi. Idan kai ne, kada ka amsa a tsaye a bakin ofis. Nemi kwana biyu, ka zauna da jadawalinka.

Mu ɗauka kana shiga aji sau 24 a mako, kai ne kuma malamin aji mai kiran suna da haɗa sakamako. Fiziks daga aji huɗu zuwa shida, sau huɗu kowanne, ƙarin 12 ke nan: 36 cikin darussa 40 na mako. Yaushe za ka shirya gwaje-gwaje, ka duba takardu? Masu rubuta WAEC da NECO ne za su fara ji a jikinsu.

Kai wa shugaban makaranta lissafin a rubuce, ka ce: "Ranka ya daɗe, zan ɗauka idan aka sauke mini riƙon aji da Lissafin aji huɗu. In ba haka ba, a yi mini afuwa, aikin ba zai yi kyau ba." Kada ka yarda da "na ɗan lokaci ne" sai an rubuta ranar ƙarewa. Ka kuma roƙe shi ya rubuta wa ofishin ilimi na shiyya neman malami.