Ina Gudun A Ce Talla Nake A Zauren Masu Gyaran Waya

Malam, abin da ke sa a ce mutum yana tallar kansa shi ne amsa rabi. Idan abokin sana'a ya ce waya ta ƙi caji, kai kuma ka rubuta "kira ni", ciniki ka nema. Gaya masa a fili ya fara share ramin caji, ya sauya igiya, sannan ya auna batir da mita: idan ya faɗi ƙasa da bolt 3, wataƙila sai an tayar da shi tukuna. Za ka ce sirrin sana'a ne kake rabarwa. Ai waɗannan matakan kowane almajirin shago zai koye su. Hannun da ya iya ɗaga ƙaramin IC ba tare da ya ƙona allo ba shi ne naka, kuma rubutu ba ya kwashe shi. Lambar wayarka kuwa, bari sai an tambaya.