Idan Yaro Ya Fara Jijjiga, Ajiye Cokalin

Daga watan Yuli zuwa Oktoba, lokacin da sauro ya yi yawa a garuruwanmu na Karaye da Rogo, ba safai ake raba mu da yaran da aka kawo suna jijjiga ba. A aikina na jinya na lura cewa da yawa daga cikin raunukan da muke gani a jikin yaran nan ba ciwon ne ya yi su ba. Hannun masu son su ne: haƙorin da aka karya da cokali, dasashin da aka yaga, tafin ƙafar da aka gasa a bakin murhu, da huhun da ruwa ko man ja ya shiga.

Wata yarinya 'yar shekara 2 aka kawo mana a kan babur daga wani ƙauye, cikin watan Satumba. Ta kwana da zazzaɓi, da hantsi jikinta ya sandare, idanu suka kakkafe, hannu da ƙafa suka shiga fizga. Kakarta ta ce da ni, "Likita, na sa mata cokali don kada ta haɗiye harshenta, na kuma ɗura mata rubutu." Na ce, "Inna, sannu da ƙoƙari, amma harshe a ɗaure yake da ƙasan baki, ba ya haɗiyuwa." Jijjigar ba ta wuce minti biyu zuwa uku ba, ta tsaya da kanta tun a gida. Mun auna zafin jikinta ya kai digiri 39.5, gwajin jini na ɗan yatsa ya nuna maleriya, sukarin jininta lafiya, wuyanta bai sanƙare ba, kuma kafin awa ɗaya ta gane uwarta ta nemi nono. Abin da ya riƙe ta a gado kwanaki shi ne tari da saurin numfashi da suka biyo baya, saboda ruwan da aka ɗura mata ya bi ta maƙoshi ya sauka a huhu. Mai jijjiga ba ya iya haɗiya. Addu'a da tofi ba su hana komai ba, a yi su a gefensa, amma ɗura a bari sai ya farfaɗo sarai.

To me za a yi? Babba ne ko yaro, a kwantar da shi a ƙasa, a janye shi daga wuta, ruwa, bakin rijiya ko titi. A sa zane ko riga a ƙarƙashin kansa, a sassauta abin da ya matse wuya. A juya shi ya kwanta a gefe ɗaya, bakinsa na kallon ƙasa kaɗan, don yawu da amai su zubo waje. Kada a danne shi, dannewa ba ta tsayar da jijjiga, sai dai ta kawo gocewar ƙashi. Kada a tura masa hayaƙi a hanci, kada a kwara masa ruwan sanyi. Mutane su matsa ya sha iska. Sannan wani ya duba agogon waya, domin a idon uwa minti ɗaya kamar awa yake, mu kuwa tsawon lokacin ne tambayarmu ta farko. Idan akwai mai nutsuwa a wurin, ya ɗauki bidiyo gajere don a nuna wa likita kawai.

Yawancin jijjiga tana tsayawa cikin minti biyu ko uku. Wadda ta kai minti 5 da wuya ta tsaya da kanta, kuma tana buƙatar magani irin dayazefam da ma'aikacin lafiya zai bayar ta dubura ko ta jijiya. Wanda yake ƙauye mai nisa da babban asibitin Karaye ko na Rogo kada ya jira mintin ya cika kafin ya nemi abin hawa. A ɗauki yaron a kwance a gefe a hannun babba, ba a goye a baya ba, inda ba wanda yake ganin fuskarsa.

Tambayar da iyaye suke yi mana cikin raɗa ita ce ko yaron ya kamu da farfaɗiya. Jijjigar zazzaɓi tana samun yara daga wata 6 zuwa shekara 5, lokacin da zafin jiki ya haura digiri 38, saboda ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ba ta gama ƙwari ba. Tana kama jiki duka, ba ta daɗewa, yawanci ba ta dawowa a wannan yinin, yaron ya yi barci ya tashi garas. Kusan ɗaya cikin uku na irin yaran nan za ta sake samunsu a wani zazzaɓin, amma suna barinta idan sun girma, kuma kaɗan ne ƙwarai take zame musu farfaɗiya. Ba a ɗora su a kan maganin kullum.

Farfaɗiya kuwa faɗuwa ce da take maimaituwa ba tare da zazzaɓi ko wani dalili na nan take ba. Ana kiranta haka idan an yi aƙalla sau biyu, da tazarar fiye da awa 24 a tsakani, kuma ba ta da shekaru. Daga ƙwaƙwalwa take, wani lokaci sanadin wahalar haihuwa, buguwa a ka, ko tabon sanƙarau da maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ba a ɗaukarta ta yawu ko kumfar baki, don haka gudun da ake yi a bar mutum shi kaɗai a ƙasa ba shi da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 7 cikin 10 masu farfaɗiya za su iya rabuwa da faɗuwa idan sun sami maganin da ya dace. Sharaɗin shi ne a sha kullum, domin yankewa farat ɗaya na iya tayar da jijjiga mai tsawo. Wanda bai daina faɗuwa ba kada ya shiga kwalekwale ko wanka a dam ɗin Challawa shi kaɗai, kada ya hau bishiya ko ya tuƙa babur, mace kuma kada a bar ta ita kaɗai a gaban murhu.

Sai dai kada jin cewa jijjigar zazzaɓi ba farfaɗiya ba ce ya sa a zauna a gida. A ƙasarmu zazzaɓi da jijjiga na iya zama maleriyar da ta hau ƙwaƙwalwa, da bazara kuma sanƙarau, kuma a mintin farko kamanninsu ɗaya. Abin da yake bambanta su shi ne abin da ya biyo baya. Yaron da ya kai rabin awa bai dawo hayyacinsa ba, ko jijjigar ta sake dawowa, ko ta kama ɓangare ɗaya na jiki, ko wuyansa ya sanƙare, ko madigarsa ta kumbura, ko ya kasa shan nono, wannan allura yake buƙata cikin gaggawa. Haka jaririn da bai kai wata 6 ba, kowace irin jijjiga ya yi.

Farasitamol yana saukar da zafi yaro ya ji daɗi, amma ba ya kashe maleriya, ba ya kuma tabbatar da cewa jijjiga ba za ta dawo ba. A ba shi bayan ya farfaɗo, gwargwadon nauyinsa: yaro mai kilo 10 kimanin mililita 6 na ruwan maganin da aka rubuta `120mg/5ml` a kwalbarsa, ba fiye da sau huɗu a yini da dare ba.

Iyaye, duk yaron da ya yi jijjiga da zazzaɓi, ko da ya tashi yana wasa, ku kawo shi a gwada jininsa a ranar. Idan masu rabon maganin rigakafin maleriya na damina suka zo gida, ku karɓa, ku kuma cika masa kwana ukun da ake shan maganin.