Injin Ruwa Mai Tashi Yana Mutuwa Bayan 'Yan Daƙiƙu

Injin tura ruwa da ke tashi ya mutu duk bayan daƙiƙa uku ko biyar da zarar an buɗe famfo, galibi lafiyarsa ƙalau. Laifin na ƙaramin tankin ƙarfen da ke haɗe da shi ne. A cikin tankin akwai roba mai kama da balan-balan wadda ruwa ke shiga, sai iska da ke kewaye da ita. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Idan inji ya cika robar ya tsaya, iskar ce ke ci gaba da turo ruwa zuwa famfo har matsi ya sauka inda makunni zai sake tayar da shi. In iskar ta zurare ko robar ta fashe, ruwa ne ke mamaye tankin, kofi guda ya isa ya kayar da matsin. Kowane tashi yana jan wuta ninkin-ba-ninkin wadda inji ke ci yana tafiya, shi ya sa makunni ke ƙonewa, daga baya injin ya bi.

Gwajin ba ya buƙatar fulamba. Ana kashe wuta, a buɗe famfo har allurar geji ta koma sifiri. A jikin tankin akwai bawul irin na tayar mota, sai a danna tsinkensa. Idan ruwa ya fito, roba ta fashe, kuma dura iska ɓata lokaci ne. Tankin da bakinsa ke da notuna ana iya sauya masa roba, wanda aka liƙe kuwa sai sabo.

Idan iska ce ta fito kaɗan, ko ba abin da ya fito, a auna da gejin taya irin na masu faci. Ƙa'idar ita ce iskar tanki ta gaza matsin da inji ke tashi a kai da psi 2. Injin da ke tashi a 30 ya mutu a 50 yana son 28. In geji ya nuna 10, sai a ƙara da famfon keke, famfon ruwa na buɗe, har ta kai 28. A nan mutane suka fi kuskure: aunawa da ruwa a ciki matsin ruwan take nunawa, ba na iska ba. Zarce 30 ma illa ce, don ruwa zai riƙa yankewa kafin inji ya tashi. Bayan an gama, a shafa kumfar sabulu a bakin bawul ɗin, domin sau da yawa ta nan iskar ke gudu.

Injin da ke tashi alhali duk famfunan gida a rufe suke, matsalarsa daban ce: ko bututu na yoyo, ko bawul mai hana ruwa komawa baya ya daina riƙewa. Tanki mai lafiya kuwa a riƙa auna iskarsa duk wata shida.