Yadda Ake Lissafin Caji Kusa da Farantin Ƙarfe ta Dabarar Madubi

Ɗalibin fiziks a Jami'ar Tarayya ta Dutse ba ya gama darasin lantarki bai gamu da wannan tambaya ba. An rataye ɗan ƙaramin caji, q, a saman shimfiɗaɗɗen faranti na ƙarfe, an kuma haɗa farantin da ƙasa ta waya. Da wane ƙarfi farantin yake jan cajin?

Wuyar ita ce farantin ba ya zama haka kawai. Da zarar caji mai alamar tarawa ya matso, sai caji mai alamar ɗebewa ya hauro daga ƙasa ta wayar, ya bazu a fuskar farantin, kuma ba a san yadda ya rarrabu ba. William Thomson, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, shi ya fito da mafita a 1848: a kawar da farantin, a sa caji ɗaya na ƙirƙira a madadinsa.

Matakin farko zane ne. Ɗalibi ya ja layi a z = 0, farantin ke nan, ya ɗiga q a tsayin d. Sai ya rubuta sharuɗɗa biyu a gefe: fotenshal V sifili ne ko'ina a kan farantin tunda yana haɗe da ƙasa, kuma yana komawa sifili can nesa.

Daga nan ya goge farantin, ya ɗiga −q a zurfin d, daidai ƙarƙashin na farko, kamar mutum da hotonsa a madubi. Duk wurin da ya zaɓa a kan layin, nisansa da cajin biyu ɗaya ne, don haka abin da wannan ya kawo wancan ya share. V ya zama sifili, sharuɗɗa sun cika. Lissafin yana da ƙa'ida tabbatacciya: idan caji ɗaya ne a cikin yanki, sharuɗɗan iyaka ma ɗaya, to amsa ɗaya tak ce. Saboda haka a saman farantin, amsar cajin biyu ita ce ta ainihi.

```
V = kq[1/√(r²+(z−d)²) − 1/√(r²+(z+d)²)]
F = kq²/(2d)²
σ = −qd/[2π(r²+d²)^(3/2)]
```

A nan r shi ne nisa a kwance daga ƙarƙashin cajin, σ kuma yawan cajin da ke kan kowace murabba'in mita ta farantin.

A ce q = 5×10⁻⁹ C, an rataye shi santimita 3 sama da farantin, k kuwa 9×10⁹. Tsakanin caji da hotonsa santimita 6 ne, ba 3 ba, kuma nan ne wasu kan fara zamewa. Da 0.06 m, ƙarfin ya fito 6.25×10⁻⁵ N, yana jan cajin zuwa farantin. Wanda ya sa 3 zai sami ninki huɗu na wannan.

Rarrabuwar cajin ta fi ban sha'awa. Daidai ƙarƙashin q, σ kusan −8.8×10⁻⁷ C/m² ne. A matsa santimita 4 gefe, nisa zuwa q ya zama santimita 5, σ ya faɗi zuwa kusan −1.9×10⁻⁷, wato kashi ɗaya cikin biyar da ɗan ɗoriya. Cikin da'irar da ta kai santimita 4 daga ƙarƙashin q kaɗai akwai kashi 40 cikin 100 na duk cajin da ya hauro. Idan aka tara na farantin baki ɗaya, dole ya ba da −q cif. In bai ba da ba, akwai kuskure a wani layi.

Tarkon da ya fi kama ɗalibai shi ne makamashi. Hannu yakan yi saurin rubuta −kq²/(2d), kamar cajin biyu duk na gaske ne. Amsar rabin wannan ce, −kq²/(4d), wato kusan −1.9×10⁻⁶ J a misalin nan, domin filin lantarki a saman farantin kawai yake. A ƙarƙashinsa babu komai, shi ya sa ba a amfani da V ɗin can a wurin da hoton yake zaune.

Da damina abin yakan fito fili. Gindin hadari yawanci caji mai alamar ɗebewa yake ɗauke da shi, jiƙaƙƙiyar ƙasar gona kuma tana yin aikin faranti, sai fuskarta ta tara caji mai alamar tarawa. Masu nazarin tsawa da wannan dabara suke ƙiyasta ƙarfin filin a doron ƙasa. Sai dai tana bukatar shimfiɗaɗɗen wuri mai faɗin da ya ninka tsayin d sau da yawa. A kan duwatsun da suka ba Dutse sunanta, caji yakan taru a tsini da tudu, hoto ɗaya kuma ba ya isa a lissafa shi.