Ƙarfi Daban, Kauri Daban: Dalilin da Ya Sa pH na Rarraunan Asid Ya Ɗara na Ƙaƙƙarfa

Tsakure

Maƙalar ta duba wata tambaya da ake yawan yi wa ɗaliban kimiyyar sinadarai: me ya sa rarraunan asid ke ba da pH mafi girma fiye da ƙaƙƙarfan asid, alhali kaurinsu ɗaya? Amsar da aka fi ji ita ce wai rarraunan tsinkakke ne. An nuna kuskuren amsar ta hanyar lissafi da gwaji, an kuma danganta shi da yadda ake cakuɗa ma'anar "ƙarfi" da ta "kauri".

1.0 Gabatarwa

Ma'aunin pH, wanda masanin ƙasar Denmak Søren Sørensen ya gabatar a 1909, yana nuna yawan ayon na haidirojin (H⁺) da ke sake a cikin ruwa. Ayon ƙwayar zarra ce, ko gungun ƙwayoyi, mai ɗauke da cajin lantarki. Ƙa'idar ma'aunin ita ce pH = −log[H⁺], wato yana tafiya a juye: idan ayon ɗin suka yawaita, lambar sai ta yi ƙasa. Kowane mataki ɗaya kuma ninki goma ne. Ruwan da pH ɗinsa 1 ne ya ninka mai pH 2 sau goma a yawan H⁺.

2.0 Amsar da Ba Daidai Ba

Ɗalibi kan rubuta cewa: "Rarraunan asid ya fi ruwa-ruwa, asid ɗin da ke cikinsa kaɗan ne, shi ya sa pH ɗinsa ya hau." Amsar ta rushe tun daga tushe, domin tambayar da kanta ta ce kaurinsu ɗaya. Idan kowanne yana da mol 0.1 a lita guda, adadin ƙwayoyin asid da aka narkar a kwalaben biyu daidai yake. Mol kuwa ma'aunin ƙidayar ƙwayoyin sinadari ne, kamar yadda dozin yake ga ƙwai, sai dai adadinsa ya wuce misali.

Harshe na da hannu a wannan ruɗani. A maganar yau da kullum, idan shayi ya yi ƙarfi, maganinsa a sirka shi da ruwa, sai ƙarfin ya ragu. Ɗalibin da ya taso da wannan ma'ana zai ɗauka rauni da tsinkewa abu ɗaya ne. A kimiyyar sinadarai kuwa kalmomin biyu ba su haɗa hanya ba. Kauri shi ne yawan asid da aka zuba a lita guda, kuma mai gwaji ne ke yanke shi. Ƙarfi kuwa ɗabi'ar asid ɗin ce: wane kaso na ƙwayoyinsa ne ke sakin H⁺ idan sun shiga ruwa.

3.0 Lissafi a Kan Asid Biyu

A ɗauki asid na haidirokulorik (HCl) da asid na asetik (CH₃COOH), wanda shi ke sa binigar tsami. Kowanne mol 0.1 a lita, a zafin digiri 25 na ma'aunin Salsiyos.

HCl ƙaƙƙarfa ne: kusan duk ƙwayoyinsa na rabuwa a ruwa.

HCl → H⁺ + Cl⁻

Saboda haka yawan H⁺ daidai yake da kaurin asid ɗin, wato 0.1, pH kuma 1.

Asid na asetik ba haka yake ba. Yayin da wasu ƙwayoyi ke rabuwa, wasu ayon na sake haɗewa su koma cikakkiyar ƙwaya, har a kai matsayin da saurin rabuwa da na haɗewa suka daidaita. Wannan ne ya sa ake rubuta shi da kibiya mai fuska biyu:

CH₃COOH ⇌ H⁺ + CH₃COO⁻

Lambar da ke nuna inda daidaiton ya tsaya ita ce Ka, kuma ga asid na asetik kusan 1.8 × 10⁻⁵ ce. Idan x ne yawan H⁺ da aka saki, ayon na asetet ma x ne, asid da bai rabu ba kuwa 0.1 − x. Da yake x ƙarami ne ƙwarai, ana iya ɗaukar 0.1 − x a matsayin 0.1. Daga nan x² = 1.8 × 10⁻⁶, wato x kusan 0.0013 ne, pH kuma kusan 2.9.

Ma'anar wannan ita ce, cikin kowace ƙwaya 1,000 ta asid na asetik, kimanin 13 ne kawai suka rabu a kowane lokaci. Sauran 987 suna nan cikin ruwan, suna riƙe da haidirojin ɗinsu, kuma ma'aunin pH ba ya ƙirga abin da ke riƙe. Tazarar da ke tsakanin 1 da 2.9 na iya zama ƙarama a ido, amma tana nufin HCl ya ninka asetik kusan sau 75 a yawan sakakken H⁺.

4.0 Gwajin da Ke Raba Gardama

Da a ce rarraunan asid tsinkakke ne, da ba zai buƙaci sinadarin da ke kashe tsami mai yawa ba. Ana iya gwada wannan a ɗakin gwajin makarantar sakandare. A auna mililita 25 na kowane asid, a riƙa ɗiga masa sodiyam haidiroksaid (NaOH) mai kaurin mol 0.1, tare da 'yan ɗigon fenoftalin, wanda ke komawa ruwan hoda da zarar asid ya ƙare. Dukansu biyu sai sun ci mililita 25 kafin launin ya bayyana. Dalili shi ne, duk lokacin da NaOH ya kwashe H⁺ ɗin da ke sake, wasu ƙwayoyin asetik sai su rabu su maye gurbi, haka har ajiyar ta ƙare.

Sai a juya gwajin. A sirka HCl kusan sau 75 har pH ɗinsa ya kai 2.9, daidai da na asetik. Mitar pH ba za ta bambance kwalaben biyu ba. Amma mililita 25 na wannan tsinkakken HCl, sulusin mililita na NaOH ya ishe shi, yayin da asetik ke nan a kan mililita 25. Sirkawa ta ɗaga pH na HCl, amma ba ta mai da shi rarrauna ba, domin 'yan ƙwayoyin da ke cikinsa duk a rabe suke. Wannan ya kuma bayyana muhimmancin sharaɗin "kauri ɗaya" a tambayar: idan aka cire shi, ƙaƙƙarfan asid da aka sirka sosai zai iya wuce rarrauna a lambar pH.

5.0 Kammalawa

Cikakkiyar amsa tana da gaɓoɓi uku a jere. Ƙaƙƙarfan asid na rabuwa gaba ɗaya a ruwa, rarrauna kuwa kaso kaɗan ne ke rabuwa; don haka a kauri ɗaya H⁺ na rarraunan ya fi ƙaranci; kuma tun da ma'aunin a juye yake, ƙarancin H⁺ na nufin pH mafi girma. Ga masu ƙirƙirar kalmomin fannu da fassara littattafan kimiyya zuwa Hausa, akwai buƙatar keɓe tagwayen kalmomi biyu da ba za a musanya su ba: ƙaƙƙarfa da rarrauna ga ɗabi'ar asid, kakkaura da tsinkakke ga yawansa a ruwa. Jimlar da za a auna fassarar da ita ita ce "tsinkakken ƙaƙƙarfan asid". Idan ɗalibi ya karanta ta bai ga karo da juna a cikinta ba, to kalmomin sun yi aikinsu.