Duba Kafin Ka Zaɓi Hanyar Intagireshin

Ya kai ɗalibi, idan aka ba ka intagiral wanda ya haɗa x da eˣ ko sin x, hanyoyi biyu ne a gabanka, hanyar musanya da hanyar kashi-kashi. Kada ka yi gaggawar ɗora alƙalami. Fara tambayar kanka: abin da ke cikin baka ko a saman e, dirabatif ɗinsa yana tsaye a waje?

Dubi waɗannan biyu: ∫ x·e^(x²) dx da ∫ x·eˣ dx. Kama da wane ba ta wane. A na farko, abin da ke saman e shi ne x², dirabatif ɗinsa kuwa 2x, ga kuma x a waje. Bambancin lamba 2 ba ya hana komai. Sai ka ce t = x², dt = 2x dx, aikin ya koma ½∫ eᵗ dt. Amsa ita ce ½e^(x²) + C. Wannan ita ce musanya.

A na biyu, x ne kawai a saman e, dirabatif ɗinsa 1. Musanya ba za ta kawar da x ɗin waje ba. Nan ake kiran ƙa'idar kashi-kashi: ∫ u dv = uv − ∫ v du. Ka ba x matsayin u, domin duk lokacin da aka ɗauki dirabatif ɗinsa fawarsa raguwa take yi. Da u = x da dv = eˣ dx, za ka sami x·eˣ − eˣ + C. Da x² ne, sau biyu za ka bi ƙa'idar. In kuwa ka juya a ∫ x·eˣ dx, ka ce u = eˣ, sai ½∫ x²·eˣ dx ya fito maka. Da zarar ka ga fawar x ta ƙaru, ka san zaɓin bai yi ba, ka koma baya.

Saura ∫ eˣ·sin x dx, inda babu mai raguwa. Kira shi I, ka ɗauki u = sin x. Zagaye na farko zai ba ka eˣ·sin x − ∫ eˣ·cos x dx. A na biyu ka ɗauki u = cos x, sai I ya sake bayyana: I = eˣ·sin x − eˣ·cos x − I. Ka tattara I a gefe ɗaya, ka raba da 2, wato I = ½eˣ(sin x − cos x) + C. A kula, in ka mai da eˣ ya zama u a zagaye na biyu, ka warware aikin farko, ka ƙare da I = I.

Kowace hanya ka bi, ɗauki dirabatif ɗin amsarka kafin ka miƙa takarda. In bai dawo da abin da aka ba ka ba, fara binciken alamar ragi, domin can kuskuren ya fi ɓuya.