Warfarin da Miyar Ganye

Tambaya: Malam, likita ya ɗora ni kan warfarin saboda gudan jini a ƙafa. An ce in bar miyar ganye. Gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, kada ki bar miyarki. Alayyafo, zogale da kabeji suna ɗauke da bitamin K, wanda hanta ke amfani da shi wajen haɗa abin da ke daskarar da jini, shi kuwa warfarin aikinsa rage ƙarfin wannan bitamin. To, an auna miki maganin ne daidai da cimarki ta yau da kullum. Idan damina ta zo kika koma cin kwaɗon zogale kullum, maganin zai yi rauni, gudan jinin na iya dawowa. Idan kuma kika daina ganye kwatsam, jinin zai tsinke fiye da kima. Yawan da kika saba ci a mako, ki tsaya a kansa.

Abin da ya fi damuna shayin gargajiya ne, domin ba a san yawan abin da ke ciki ba. Citta mai yawa tana iya ƙara zubar jini. Ki nuna mana kafin ki sha.

Gwajin INR naki ana son ya tsaya tsakanin 2 da 3. In kika ga haɓo, jinin dasashi ko baƙin bayan gida, ki je asibiti a ranar.